Laifin soja, alhakin kwamanda: abin da shari'ar Bemba ta nuna

A watan Oktoba na 2002, shugaban Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Ange-Félix Patassé, ya ga 'yan tawayen Janar François Bozizé sun matso kusa da Bangui, sai ya nemi agaji daga tsallaken kogin Ubangi. Jean-Pierre Bemba, madugun ƙungiyar MLC mai riƙe da arewacin Kwango a lokacin, ya aika masa da mayaƙa wajen 1,500. Suka zauna a ƙasar har zuwa Maris na 2003. A cikin waɗannan watanni an yi wa mata da 'yan mata fyaɗe, har da maza, an kashe fararen hula, an wawashe gidaje a Bangui da garuruwa irin su Mongoumba. Shi kuwa Bemba yana hedikwatarsa a Gbadolite, cikin Kwango. Babu wanda ya ce ya harbi kowa da hannunsa, ba a kuma tuhume shi da cewa shi ya ba da umarni ba. Duk da haka shi aka kama a Beljiyam a 2008, aka kai shi Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague.

Ta yaya za a kama mutum da laifin da wani ya aikata? Dalilin shi ne, soja ba ya fita yaƙi don raɗin kansa. Akwai wanda ya ba shi bindiga, wanda ke iya ce masa tsaya ya tsaya, wanda ke iya kulle shi idan ya kauce. Dokar yaƙi ta ce wanda ke da wannan iko yana da nauyin yin amfani da shi don kare mutanen da ba ruwansu da faɗan. Idan ya naɗe hannu yana kallo, shirun nasa shi ne laifinsa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ake aiki da wannan ƙa'ida: Amurkawa sun rataye Janar Yamashita na Japan a 1946 saboda ta'asar da dakarunsa suka yi a Filifins, ko da yake har yau masana na sukar wannan shari'a cewa ba a tabbatar ya san abin da ke faruwa ba.

Sashe na 28 na Yarjejeniyar Roma, wadda ta kafa kotun Hague, ya tsara abin da mai gabatar da ƙara zai tabbatar. Da farko, sai an nuna cewa kwamandan yana da iko na zahiri a kan waɗanda suka yi laifin. Anini a kafaɗa bai isa hujja ba. Abin tambaya shi ne ko yana iya hana su ko hukunta su. Shi ya sa madugun 'yan tawaye, wanda babu gwamnatin da ta naɗa shi, zai iya shiga hannu, alhali wani janar mai babban muƙami zai iya kuɓuta idan sojojin ba maganarsa suke ji ba. A kan Bemba, kotu ta duba cewa shi ya tura mayaƙan, shi ya janye su, yana magana da kwamandojinsa ta rediyo da wayar tauraron ɗan adam, kuma yana da ikon naɗawa da korarwa.

Sai batun sani. Kwamandan soja yana ɗaukar alhaki idan ya sani, ko kuma idan yanayin da ake ciki ya kai a ce ya kamata ya sani. Ga shugaba farar hula, kamar minista, an ɗan tsaurara wa mai ƙara: dole a nuna ya sani, ko ya kawar da kai da gangan daga bayanan da suka fito fili. Alƙalan farko sun ce Bemba ya sani, domin rahotanni na zuwar masa, kafofin labarai ma suna ta faɗa.

Ginshiƙi na uku shi ne inda shari'ar ta yi zafi. Doka ta ce dole kwamanda ya ɗauki duk matakan da suka wajaba kuma suke cikin ikonsa, don hana laifi, ko dakatar da shi, ko miƙa batun ga hukumomin da za su bincika. Bemba bai zauna haka kawai ba. Ya sa an yi bincike, an gurfanar da sojoji bakwai gaban kotun soja a Gbadolite, an tura kwamiti zuwa garin Zongo, ya kuma rubuta wa wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bangui wasiƙa. Amma sojojin nan bakwai, kan satar kaya aka yi musu shari'a, ba kan fyaɗe ko kisa ba. Alƙalai uku, dukansu mata, suka ce waɗannan matakai sun yi kaɗan ƙwarai, kuma an yi su ne don wanke sunan ƙungiyar a idon duniya. Ranar 21 ga Maris 2016 suka same shi da laifi, a watan Yuni suka yanke masa shekara 18. Wannan ne karo na farko da kotun ta hukunta wani a ƙarƙashin Sashe na 28.

Ranar 8 ga Yuni 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, alƙalai uku a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen. Cikin masu rinjaye akwai ɗan Najeriya, Chile Eboe-Osuji, wanda shi ne shugaban kotun a lokacin. Sun ce an hukunta Bemba a kan wasu aika-aika da ba sa cikin tuhumar da aka tabbatar tun farko. Sun kuma ce alƙalan farko ba su auna wahalar da ke kan kwamandan da ke nesa ba, wanda dakarunsa ke wata ƙasa, inda ba shi da ikon bincike yadda yake so. A ganinsu, ba a tambayar kwamanda duk abin da za a iya tunani a bayan fage, sai abin da zai yiwu gare shi a wancan hali. Kuma don mutum yana son kare mutuncinsa, wannan kaɗai bai mayar da matakinsa na bogi ba.

Akwai gaskiya a nan. Idan aka ce duk abin da soja ya yi shugabansa ne zai biya, ko ya sani ko bai sani ba, ko yana da iko ko babu, an koma zalunci da sunan adalci. Dole kuma wanda ake tuhuma ya san takamaiman abin da zai kare kansa a kai.

Sai dai hujjar nisa tana damuna, kuma alƙalai biyun da suka ƙi amincewa, Sanji Monageng da Piotr Hofmański, su ma sun ga bai kamata a rushe hukuncin ba. Wanda ya iya tura mayaƙa ƙetare ya kuma kira su gida duk sa'ad da ya ga dama, nisa bai raba shi da ikonsa ba. Ko da bai iya tura mai bincike kowane ƙauye ba, yana iya sauke kwamandan da yaransa suka fi ɓarna, yana iya janye rundunar tun da wuri. Abin tsoro shi ne shugabannin yaƙi su ɗauki darasin da bai dace ba: a kafa kwamiti, a rubuta wasiƙa, a ɗaure ƙananan sojoji kaɗan, a ajiye takardun don ranar shari'a. Hanyar gane matakin gaske ita ce a duba ko ya yi daidai da girman laifin da aka kawo rahoto, ko ya kai ga manyan hafsoshi, da kuma ko ɓarnar ta ragu bayansa.

Mutum fiye da 5,000 aka amince su shiga wannan shari'a a matsayin waɗanda aka zalunta. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ce ƙarya suka yi ba, ta ce ne ba a tabbatar da alhakin Bemba yadda doka ke buƙata ba. Da aka wanke shi, maganar diyyar da kotu za ta sa shi ya biya ta faɗi. Ya koma Kinshasa, a 2023 kuma aka naɗa shi mataimakin firaminista kuma ministan tsaro. Har yau kotun Hague ba ta hukunta kowa ba a kan fyaɗe da kisan da aka yi a Afirka ta Tsakiya tsakanin 2002 da 2003.