Faifai ko Gwangwani? Hanyoyi Biyu na Auna Girman Abu Mai Zagaye

Ɗauki faranti na kwali ka yanke shi siffar tudu, ka liƙa shi a jikin sanda, sannan ka murza sandar da sauri tsakanin tafukanka. Idonka zai daina ganin kwali, ya koma ganin dunƙulallen abu mai zagaye. Tambayar da masu lissafin kalkulas ke yi ita ce: nawa ne girman wurin da wannan abu ya cike? Hanyoyi biyu ne ake bi, kuma amsarsu ɗaya ce, amma wahalarsu ba ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce a yanyanka abin sala-sala, kamar yadda uwargida ke yanka karas. Kowane sala faifai ne siriri, faɗin fuskarsa πR², inda R ke nufin nisa daga tsakiya zuwa baki. Idan tsakiyar da rami, salan ya zama kamar zobe, sai a cire ramin: π(R² − r²). Alamar ∫ kuwa umarni ce kawai: tara dukkan salolin.

Hanya ta biyu ba ta yanka a gicciye. Ana kallon abin kamar gwangwanaye marasa murfi da gindi, an zura ƙarami cikin babba. Tsaga gwangwani ɗaya ka shimfiɗe shi, za ka sami falle mai kusurwa huɗu: tsawonsa kewayen gwangwanin, 2πr, faɗinsa tsayin gwangwanin, h.

Mu gwada da tudun da layin y = 4x − x² ke zanawa. Yana tashi daga x = 0, ya kai tsayi 4 a x = 2, ya sauka a x = 4. Mu juya shi a kan layin y, wato sandar tsaye da ke gefensa na hagu.

Da gwangwani aikin gajere ne. A kowane x, nisa daga sanda x ne, tsayi kuma 4x − x². Saboda haka girman shi ne 2π∫x(4x − x²)dx daga 0 zuwa 4, wanda ke ba da 2π(256/3 − 64) = 128π/3, kimanin 134.

Da zobe kuwa, salolin a kwance suke, don haka dole a juya lissafin a nemo x daga y. Tudun na da ɓangare biyu, sai amsa biyu ta fito: bakin waje R = 2 + √(4 − y), bakin rami r = 2 − √(4 − y). Bayan an ninka kowanne da kansa an cire, saura 8√(4 − y), wanda idan aka tara daga y = 0 zuwa 4, aka ninka da π, shi ma 128π/3 zai bayar. An isa gida, amma ta doguwar hanya. Da a ce layin y = 4x² − x³ ne, nemo x daga y kaɗai zai cinye wa ɗalibi rabin lokacin jarrabawa.

Yanzu mu sauya sanda, mu juya tudun nan a kan gindinsa, layin x. Nan take lamarin ya birkice. Faifai ne mai sauƙi, babu rami: π∫(4x − x²)²dx = 512π/15, kimanin 107. Gwangwani ne yanzu zai tilasta a nemo x daga y. Wannan amsa tana da tarihi: kashi 8 ne cikin 15 na gangar da za ta rufe abin cif-cif, 64π, kuma Ibn al-Haytham, masanin nan haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, ya gano wannan rabo kusan shekara dubu da suka wuce.

To yaya ake zaɓa? Zana hoton tukuna, sannan ka ja ɗan siririn layi a cikin siffar, ta fuskar da samansa da ƙasansa ke fitowa kai tsaye daga lissafin da aka ba ka. A tudunmu, layin tsaye ne. Idan ya gitta wa sandar juyi, faifai ko zobe zai haifar. Idan ya jeru da ita, gwangwani ne. Hoton ne zai yanke maka hukunci.

A kula da kuskure guda da ke yawan ka da ɗalibai: rubuta (R − r)² a maimakon R² − r². A misalinmu hakan zai ba da 32π, kimanin 100, ba 134 ba. Duk wanda ya sami sarari ya bi hanyoyin biyu, idan amsoshin suka saɓa, ya fara duba nan.