Wace Takardar Shaida ce ta Cancanci Kuɗin Ɗan Bautar Ƙasa?

Duk wanda ya taɓa leƙa sansanin masu yi wa ƙasa hidima ya ga rumfunan masu tallar kwasa-kwasai, kowa na rantsuwa cewa takardarsa ce mabuɗin samun aiki. Tun da aka fara biyan alawus na naira 77,000 a shekarar 2025, ɗan bautar ƙasa mai tattali yana iya tara wani abu. Abin tambaya shi ne, wa zai miƙa wa?

Mu ɗauki misalin wadda ta kammala digiri a fannin Hausa ko Ingilishi, tana sa ran koyarwa. Digirinta shaida ne cewa ta san harshe, amma a idon doka bai mayar da ita malama ba. Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, wadda aka kafa da doka a 1993, tana yi wa masu takardar horon malanta ne rajista. Saboda haka abin da ya kamata ta fara nema shi ne babbar difloma ta ilimi, wato PGDE, ko dai a jami'a ko a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Karatun yakan ci kimanin shekara guda, haɗe da gwajin koyarwa a aji. Bayan nan ta zauna jarrabawar hukumar, ta karɓi lasisi. Wannan kuɗi ne da ya sayi izinin shiga sana'a, kuma diflomar ba ta tashi aiki.

To, a kwatanta wannan da kwas ɗin kwana uku na "sarrafa ayyuka". Takardar da duniya ta sani a wannan fage ita ce PMP, kuma ba a barin mai digirin farko ya zauna jarrabawarta sai ya nuna shekara uku yana jagorancin ayyuka. Ke nan abin da ake miƙa wa sabon ɗan makaranta a rumfa shaidar halarta ce kurum. Gane ta ba wuya: wanda ya koyar shi ya ba da takardar, kuma ba a taɓa jin wanda ya faɗi ba. Masu ɗaukar ma'aikata sun san haka sarai.

Akwai kuma takarda ta ƙwarai da ake saya kafin lokacinta. Ɗalibaina da yawa suna ɗokin jarrabawar Ingilishi ta IELTS, alhali sakamakonta shekara biyu ake karɓarsa. Wanda bai nemi gurbin karatu a waje ba tukuna, ya jira. In ba haka ba sai ya biya sau biyu.

Kafin malamar tamu ta cire ko kwabo, ta tattara tallace-tallacen aiki guda ashirin na makarantun da take hari, ta ƙirga takardun da aka ambata da sunansu a jerin sharuɗɗa. Wadda ba ta fito ko sau ɗaya ba, ta tambayi mai rumfar a wace makaranta aka taɓa neman ta.