Kafin a Kafa Turken Rediyo: Taswirar da ke Nuna Inda Ido Zai Kai

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya san birnin Kano na shimfiɗe a gabansa, amma abin da ke bayan Goron Dutse sai dai ya ji labari. Wannan lissafi na abin da ake hange da abin da tudu ya kare shi ne injiniyoyi ke sa kwamfuta ta yi musu kafin su zuba kuɗi a turken rediyo ko hasumiyar masu gadin daji. A manhajojin taswira irin su QGIS da GRASS, waɗanda kyauta ake samun su, sunan aikin Viewshed.

Ana farawa ne da taswirar tudu da kwari. An yanka ƙasa gida-gida kamar dara, kowane gida ɗauke da tsayinsa daga doron teku. Wadda aka fi amfani da ita, SRTM, kumbon Endeavour ne ya auno ta a watan Fabrairun 2000, kuma faɗin kowane gida kusan mita 30 ne. Kwamfuta na ja layi daga kan turken zuwa kowane gida, ta duba ko wani tudu ya tokare shi. Dole a fara mayar da taswirar zuwa awon mita, wato UTM 32N ga yankin Kano, Katsina da Damagaram, don nisa da tsayi su zama a ma'auni ɗaya.

A ɗauka ana son haɗa wani asibitin ƙauye da intanet daga gari mai nisan kilomita 10. Wurin turken yana kan mita 480 daga doron teku, turken kansa mita 30, kansa ya kai 510 ke nan. Ƙauyen yana kan 470, eriyarsa mita 10, wato 480. A GRASS ga abin da ake rubutawa:

```
r.viewshed -c -r input=dem output=gani coordinates=X,Y observer_elevation=30 target_elevation=10 max_distance=15000 refraction_coeff=0.25
```

Alamar `-c` na tuna wa kwamfuta cewa duniya a lanƙwashe take, `-r` kuma na lissafa yadda iska ke ɗan karkato da igiyar rediyo ƙasa. Ga rediyo ana sa 0.25, ga hasumiyar da mutum zai yi hange da ido kuwa kusan 0.13. Wanda ya manta ya sauya tsayin mai kallo, manhajar za ta ɗauka mutum ne tsaye mai mita 1.75, taswirar ta fito kusan duk a rufe.

Yanzu a koma tsakiyar hanya, inda akwai tudu mai mita 485. Layin da ya haɗa eriyoyin biyu yana wucewa a 495. Rarar mita 10 ke nan, a cire mita 1.5 na doron duniya, saura 8.5. Kwamfuta za ta ce ana hango ƙauyen.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, kuma a nan asara ke shigowa. Igiyar rediyo ba ta bin siririn layi kamar zare. Tana buƙatar sarari kewaye da layin, mai kumburi a tsakiya, wanda ake kira yankin Fresnel. A kan mita ta gigahaz 5 da nisan kilomita 10, kumburin ya kai kusan mita 12 ƙasa da layin, kuma ƙa'idar aiki ita ce kashi 60 cikin 100 nasa ya kasance fayau, wato mita 7.3. Da kyar dai 8.5 ta tsallake.

To, idan bayan shekarar 2000 an dasa darbejiya a kan tudun, ta girma ta kai mita 8 fa? Taswirar ba ta san da ita ba. Rarar ta koma rabin mita. Alamar wannan matsala sananniya ce: da rani sadarwa na lallaɓawa, damina na sauka ganye ya cika ya jiƙe, sai ta dinga yankewa. Kuma gyaran na da tsada, domin ɗaga layin da mita 7 a tsakiya na nufin ƙara mita 14 ga turken gari, ko mita 7 ga kowane ɓangare. Sau da yawa ya fi araha a gwada wurare uku ko huɗu a kwamfuta tun farko, a ga ko matsawa gefe kaɗan zai kauce wa tudun.

Shi ya sa ƙwararren injiniya ba ya amincewa da taswira ita kaɗai. Yakan bi layin da ƙafa, ya auna itatuwa da sababbin benaye, wani lokaci ya sa a haska masa madubi daga ɗaya ɓangaren da rana tsaka. Shugaban ƙaramar hukuma ko mai gidan rediyon da aka kawo wa irin wannan taswira, kafin ya sa hannu a kwangila, ya tambayi shekarar da aka auno ta, da tsayin eriyar da aka shigar, da kuma wanda ya je ya duba tudun da idonsa.