Hadda daban, satar amsa daban

A ce malamin tarihi a Dumega ya ba ƴan ajinsa aikin gida: me ya sa Faransa ta aiko Kanal Klobb ya bi sawun ayarin Voulet da Chanoine a 1899? Takardu suka dawo, goma sha biyu a cikinsu kusan bakinsu ɗaya. Duk sun ba da labarin Sarauniya Mangu da yaƙin Lugu na watan Afrilun 1899, cikin Faransanci mai santsi, amma ba wanda ya ce labarin kisa da ƙone-ƙonen garuruwa da ayarin ya yi ne ya isa Paris. Malam zai so ya zabga musu sifiri gaba ɗaya. A ganina, in ya yi haka ya yi zalunci, don ba laifi ɗaya suka yi ba.

Mai hadda ana gane shi da cewa amsarsa daidai ce, sai dai ta wata tambaya ce. Ya ga 1899, sai ya juye abin da aka yi musu shifta a aji. Wani lokaci jimla takan yanke a tsakiya, inda haddar ta kuɓuce masa. Yaron nan bai saci komai ba. Ya tashi inda ake girmama mai hadda tun daga makarantar allo, kuma da harshen da ba a yi a gidansu ake tambayarsa. Sau da yawa ma malamai ne suka saba masa da ba da maki ga wanda ya maido kalmominsu.

Mai kwafi kuwa kuskure ne ke tona shi. Amsoshi biyu na daidai suna iya yin kama, tunda littafi ɗaya aka karanta. Amma in takardu uku suka rubuta 1989 maimakon 1899, ko suka tsallake layi guda a wuri guda har maganar ta rasa ma'ana, to daga hannu ɗaya suka fito.

Ko a nan, takarda ba ta faɗin wa ya kwafi wa. Sai malam ya kira su ɗai-ɗai, ba a gaban aji ba, ya yi tambayar da Hausa: wa ya kashe Klobb, kuma me ya sa? Wanda ya fahimci darasi zai ce Voulet ne ya sa aka harbe shi a watan Yuli, don ya ƙi a karɓe masa ayari. Minti uku sun isa.

Mai hadda a ba shi makin shekaru da sunayen da ya kawo daidai, ko shida ne bisa ashirin, a rubuta masa a gefe cewa bai amsa "me ya sa" ba. Wanda aka tabbatar ya kwafa ya rasa makin wannan aiki kaɗai, ya sake wani a aji, gaban malam. In kuwa zato ne kawai babu hujja, malamai, ku bar wa yaro makinsa.