Miliyan 25 a Takarda: Yadda Ake Karanta Hasashen Kuɗin Fansho

Idan takardar hasashen fansho ta iso hannun ma'aikaci daga kamfanin da ke kula da asusunsa, kan babban adadin nan idonsa ke fara sauka. Kaɗan ne ke leƙa ƙananan rubutun da ke ƙasa, alhali a can aka bayyana zaton da aka gina lissafin a kai: yaushe zai bar aiki, yaya albashinsa zai riƙa ƙaruwa, kuma a wane shekaru zai fara karɓar kuɗin.

A tsarin fanshon adashi da Nijeriya ta shigo da shi a 2004, aka kuma sabunta dokarsa a 2014, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Ana cire su ne daga tushen albashi da alawus na gida da na sufuri, ba lallai daga duk abin da ke shiga aljihu ba. Kamfanin yana juya kuɗin a ƙarƙashin sa idon hukumar PenCom. Abin da mutum zai samu ya dogara da abin da ya taru, shi ya sa takardar ba alkawari ba ce.

A ɗauki misalin ma'aikacin gwamnatin tarayya mai shekara 50, da naira miliyan 6 a asusunsa. Albashin da ake lissafi da shi naira 200,000 ne a wata, wato naira 36,000 ke shiga asusun duk wata, 432,000 a shekara. Takardarsa ta ɗauka zai yi ritaya yana da 60, albashinsa zai riƙa ƙaruwa da kashi 10 duk shekara, ribar juya kuɗin ma kashi 10. A kan haka, zai tashi da kusan miliyan 25.7.

To amma wannan bawan Allah ya kama aiki yana ɗan shekara 22. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Tasa 35 ɗin za ta cika yana da 57. Saura shekara bakwai ke nan, ba goma ba. Idan aka sake lissafin da sauran zato iri ɗaya, kuɗin ya dawo miliyan 17 da 'yan kai. Shekara uku kacal sun tafi da fiye da miliyan 8 da rabi, domin shekarun ƙarshe ne suka fi kawo riba: lokacin asusun ya yi kauri, kashi 10 ɗinsa ma ya yi kauri. Wannan kuskure ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, kuma gano shi bai wuce a ɗauko takardar kama aiki a gwada da ranar da aka rubuta a hasashen ba. Malaman firamare da sakandare kuwa, dokar 2022 ta kai nasu zuwa 65 da haihuwa ko 40 a aiki, sai su tabbatar wace ƙa'ida ce ke aiki a inda suke.

Batun ƙarin albashi fa? Ma'aikaci ya fi kowa sanin cewa ƙarin girma kan makale, musamman ga wanda ya kai ƙurewar matakinsa. A ce albashin mutumin nan ya tsaya cak har shekara bakwai: miliyan 17 za ta koma kusan 15.8. Asara ce, amma ba ta kama ƙafar ta ranar ritaya ba, saboda galibin kuɗinsa daga abin da ya riga ya tara suke tsirowa. Matashi ɗan shekara 30 ne wannan zato ya fi shafa, tunda mafi yawan zubinsa na gaba.

Shekarun fara karɓa kuma daban suke da ranar barin aiki. Wanda ya ajiye aiki yana da 45, sai ya kai 50 zai iya fara cin fanshonsa, in ba rashin lafiya ta sa ya bari ba. Idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, zai iya neman kashi 25 na asusun, sauran ya jira. Haka nan wanda ya fara karɓa da wuri, za a raba kuɗinsa ne a kan shekaru masu yawa, na wata ya ragu. Dunƙulen da ya zaɓi ɗauka tashin farko ma yana rage na watan.

Mutumin misalinmu ya fara aiki kafin 2004, don haka yana da haƙƙin shekarun tsohon tsari da gwamnatin tarayya ke biya daban. Ya kamata ya tambayi kamfanin ko an saka su cikin adadin. Ya kuma tambaya ko miliyoyin da aka rubuta da darajar nairar yau aka auna su ko ta ranar ritaya, sannan ya roƙi a sake buga masa lissafin da shekara 57.