Kafin Ki Tura Wa Tauraruwar TikTok Kuɗin Talla

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin masu kasuwanci da taurarin TikTok ko Instagram tun daga saƙon farko take samo asali. A rubuta "Hajiya, nawa za ki tallata mini kaya?", a yi ciniki da muryar WhatsApp, a tura kuɗi. Bayan kwana biyu mai kaya ta leƙa ba ta ga komai ba, domin a Story aka ɗora tallar, shi kuwa awa 24 yake yi ya ɓace.

A ce mai turaren wuta ce a Kano take neman talla kafin Sallah. Ga yadda saƙonta ya kamata ya kasance:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da warhaka. Ina sayar da turaren wuta da humra, ina so mu yi aikin talla na biya. Ina buƙatar bidiyo biyu a shafinki na TikTok, kowanne daƙiƙa 45 zuwa 60. Na farko ki buɗe kwalbar, ki zuba a kasko a ga hayaƙin. Na biyu ki faɗi farashi da yadda ake oda. Kayan za su iso miki ranar 1 ga wata. Ki turo mini bidiyon in duba ranar 5, gyara sau ɗaya ne. Ki ɗora na farko ranar 8, na biyu ranar 15, su zauna kwana 30 ba a goge ba. Kuɗin aiki naira 120,000: kafin alƙalami 60,000 da zarar kin amince, ciko cikin kwana biyu bayan bidiyo na biyu ya hau. Idan aka wuce ranar 18 bai hau ba, babu ciko."

A lura, kowane bidiyo rana biyu gare shi: ranar dubawa da ranar ɗorawa. Ta farkon ce ke ba mai kaya damar kama kuskuren farashi ko lambar waya kafin duniya ta gani. Ƙayyade gyara kuma kariya ce ga tauraruwar, kada a yi ta maido mata da aiki.

Raba kuɗin biyu shi ke riƙe kowa. Wadda ta biya duka tun farko sai dai ta koma roƙo. Wadda ta ce sai an gama, da wuya a kula ta.

Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Idan mai kaya na son sake amfani da bidiyon a nata shafin, ta faɗa tun yanzu, don yawanci kuɗinsa daban ne. Sannan dole a nuna wa masu kallo cewa talla ce: Instagram na da alamar "Paid partnership" don haka, kuma a Najeriya dokar hukumar ARCON ta 2022 ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da ita.

Kada a tura ko sisi sai tauraruwar ta amsa a rubuce cewa ta amince da sharuɗɗan, sannan a adana hoton amsar.