Agogon Girei Ba Ya Motsi, Na Landan Da Washington Ne Ke Sauyawa

A garin Girei, tsallaken kogin Binuwai daga Jimeta, nan ne mazaunin Jami'ar Modibbo Adama, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Yola. Kamar sauran ma'aikatun gwamnati, ganawar malamai da jami'anta da abokan aiki na ƙetare ta koma ta intanet, kuma kafin kowa ya buɗe baki a irin wannan taro, sai wani sakatare ko hadimi ya zauna ya tsayar da lokacinsa. Aiki ne da ake yi wa kallon ƙarami, amma idan aka kuskure shi, shugaban sashe kan shiga taro ya tarar ana yin sallama.

Akasarin masu wannan kuskure sun san cewa lokacin ƙasashe ya bambanta. Abin da ke kayar da su shi ne haddace bambancin. Mutum ya riƙe a ka cewa Najeriya na gaban Washington da awa shida, ya ci gaba da aiki da wannan lissafi duk shekara, alhali kusan wata takwas cikin goma sha biyu bambancin awa biyar ne.

Ma'auni ɗaya ga kowa

Masu sauraron rediyo sun daɗe da sanin bakin zaren, domin sun saba jin mai gabatarwa ya faɗi lokaci a agogon GMT, sannan ya ƙara awa ɗaya ya faɗi na Najeriya da Nijar. Ma'aunin da duniya ke aiki da shi a yau ana kiransa UTC, kuma wajen tsara taro ana iya ɗaukarsa daidai da GMT. Kowace ƙasa ana auna agogonta ne da yawan awannin da take gaba ko bayan wannan ma'auni.

Najeriya na kan UTC+1 tun daga shekarar 1919, kuma ba ta sauya agogo da rani ko da damina. Kamaru da Chadi da Nijar ma haka suke, don haka ma'aikacin da ke Girei ba ya buƙatar wani lissafi idan zai gana da takwaransa na Garwa ko Injamena. Ghana na bayan Najeriya da awa ɗaya, Saudiyya na gabanta da awa biyu, Malesiya da Sin da awa bakwai, Indiya kuma da awa huɗu da rabi. Duk waɗannan a tsaye suke, haddace su ba laifi ba ne.

Hanyar lissafin mataki biyu ce. Da farko a mayar da lokacin mai gayyata zuwa UTC, sannan a ƙara awa ɗaya a samu na Najeriya. Idan an ce ƙarfe 4 na yamma agogon Kuala Lumpur, wanda ke kan UTC+8, sai a cire takwas daga 16:00 a samu 08:00, a ƙara ɗaya, ya zama ƙarfe 9 na safe a Girei. Ga ƙasashen da ke bayan ma'aunin, irin su Amurka, ƙarawa ake yi a matakin farko maimakon cirewa.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar na tasowa ne daga ƙasashen da ke tura agogonsu gaba da awa ɗaya a lokacin zafinsu, su dawo da shi baya idan sanyi ya gabato. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai na yin haka daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuwa, tun daga 2007, tana farawa ne a Lahadi ta biyu ta Maris, ta kammala a Lahadin farko ta Nuwamba. A 2026, ranakun Amurka su ne 8 ga Maris da 1 ga Nuwamba, na Birtaniya kuma 29 ga Maris da 25 ga Oktoba.

Ke nan akwai mako uku a watan Maris da mako guda a ƙarshen Oktoba da Amurka ke kan agogon zafi alhali Birtaniya ba ta kai. A waɗannan makonni ne lissafin da aka saba da shi ke rushewa.

A ɗauka cewa wani sashe na jami'ar yana da taron mako-mako kowace Talata da abokan bincike a Landan da kuma masu ba da tallafi a Washington. Ofishin Washington ne ya aika gayyatar, ya sa ƙarfe 9 na safe a agogonsa. A watan Fabrairu Washington na kan UTC-5, don haka ƙarfe 9 nasu 14:00 ne a ma'aunin duniya: ƙarfe 2 na rana a Landan, ƙarfe 3 na yamma a Girei.

Ranar Talata 10 ga Maris, Washington ta riga ta koma UTC-4. Ƙarfe 9 nasu ya zama 13:00, wato ƙarfe 1 a Landan, ƙarfe 2 a Girei. Duk wanda ya shiga da ƙarfe 3 kamar yadda ya saba ya makara da awa guda cur. Ranar Talata 31 ga Maris kuma Birtaniya ta koma UTC+1, agogon Landan ya yi daidai da na Najeriya, taron ya zama ƙarfe 2 a biranen biyu. Haka zai ci gaba har ƙarshen Oktoba, sannan daga Talata 3 ga Nuwamba ya koma ƙarfe 3 a Girei.

Da a ce ofishin Landan ne ya aika gayyatar ya sa ƙarfe 2 nasa, da labarin ya sha bamban. Girei za ta ci gaba da shiga ƙarfe 3 har zuwa 24 ga Maris, mutanen Washington ne za su ga taronsu ya koma ƙarfe 10. Manhajojin kalanda irin su Outlook da Google Calendar suna ɗaure taro mai maimaituwa ne ga agogon da aka zaɓa lokacin ƙirƙirarsa, na sauran mahalarta kuma ya riƙa motsi a kewayensa. Saboda haka tambayoyi biyu ne ke gaban hadimi kafin ya rubuta wa maigidansa jadawali: a wace rana za a yi taron, kuma da agogon wane birni aka ɗaure shi?

Tagar da ta rage

Ma'aikatan tarayya na aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Idan Washington ta buɗe ofis ƙarfe 9, awa ɗaya tak ake haɗuwa da ita daga Nuwamba zuwa farkon Maris, awa biyu kuma a sauran watanni. Los Angeles na bayan Washington da ƙarin awa uku, ganawa da ita sai bayan an tashi daga aiki. Idan kuma akwai mahalarci daga Kuala Lumpur, ƙarfe 2 na ranar Girei ƙarfe 9 na dare ne a wurinsa, ƙarfe 6 na yamma kuwa ya tsallaka da shi zuwa ƙarfe 1 na daren washegari, kwanan wata ma ya sauya.

Akwai wani bambanci na cikin gida da mai tsara taro daga Abuja kan manta. Agogon Girei da na Abuja ɗaya ne, amma ranarsu ba ɗaya ba ce. Yankin Yola na gabas da Abuja da kimanin digiri biyar, kuma kowane digiri minti huɗu ne a tafiyar rana, don haka lokutan salla na riga shiga a Girei da wajen minti ashirin. Tsakaninta da Legas ya haura rabin awa. Taron da aka sa ƙarfe 3 zai ci karo da kiran La'asar a Girei tun kafin a yi shi a Abuja, wanda kuma aka ja zuwa yamma a watan azumi zai riski buɗa-baki a Adamawa da wuri.

Haruffan da ke yaudara

Gajerun sunayen agogo su ne tarko na gaba. Mutumin Landan kan rubuta GMT a watan Yuni yana nufin agogon da ke bangon ofishinsa, wanda a lokacin BST ne, awa ɗaya gaba da GMT. Idan aka bi rubutunsa aka ƙara awa, an makara. Haka Ba'amurke kan rubuta EST duk shekara, alhali da zafi EDT yake kai. CST na iya zama agogon Chicago ko na Beijing, IST kuma na Indiya ko Isra'ila ko Ireland. Maganin shi ne a nemi sunan birni, domin birni ba ya ɗaukar ma'ana biyu.

Ita ma kwamfuta sai an duba saitinta. A Windows, zaɓin da ya dace da Najeriya shi ne wannan:

```
(UTC+01:00) West Central Africa
```

A wasu manhajoji kuma `Africa/Lagos` ake gani. Kusa da shi a jerin akwai zaɓin Paris da na Berlin, su ma da alamar UTC+01:00. Wanda ya danna ɗayansu ba zai ga wani aibu ba duk tsawon hunturu, sai ranar Lahadin ƙarshe ta Maris agogon kwamfutar ya yi tsalle da awa ɗaya. Mafi muni shi ne kwamfutar da aka sayo daga waje, aka gyara awanninta da hannu ba tare da sauya yankin ba. Agogonta zai nuna daidai, amma duk gayyatar da ta aika ko ta karɓa za ta fito a karkace. Alamar gane hakan ita ce taro ɗaya ya nuna lokaci biyu, ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta.

Yadda ake rubuta gayyata

Gayyata mai kyau tana ɗauke da sunan rana, da sunan wata a rubuce, da lokaci a tsarin awa 24, da sunan birnin kowane mahalarci. Rubuta 03/04 ba ya wadatarwa, domin ɗan Najeriya zai karanta 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuma 4 ga Maris. Ga taron da aka yi misali da shi, layi ɗaya ya isa: Talata, 10 ga Maris 2026, 14:00 a Girei, 13:00 a Landan, 09:00 a Washington, 13:00 UTC. Idan ɗayan ɓangarorin ya ga lokacin birninsa bai yi daidai da lissafinsa ba, zai yi magana tun kafin ranar.

Dokokin sauya agogo ma gwamnatoci ne ke yin su, suna kuma iya canza su. Masar ta dawo da agogon zafi a 2023 bayan ta yi shekaru da barinsa, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ta ƙarshe ta Oktoba. Tun daga nan Alƙahira kan kasance gaban Girei da awa biyu a waɗannan watanni, da awa ɗaya a sauran. Ofishin da ke da jadawalin bambancin agogo manne a bango zai yi kyau ya sake duba shi sau biyu a shekara, a farkon Maris da tsakiyar Oktoba, kafin ranakun sauyin su iso.